Me ya sa sinadarin da ya fi nauyi ne ya riga ƙarewa?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a ajin ƙarshe na sakandare, ina zaune a Aboabo a nan Kumasi, kuma ina shirin WASSCE. An ba mu wannan aiki: an haɗa giram 5.4 na aluminiyam da giram 17.75 na iskar kulorin, aka samu giram 17.8 na AlCl₃. A nemo sinadarin da ya riga ƙarewa, da kuma kashi nawa cikin ɗari aka samu (Al = 27, Cl = 35.5). Ni na ɗauki aluminiyam tunda shi ne kaɗan, na samu 66.7%, amma amsar da ke bayan takardar 80% ce. A ina na kauce?"

Wa alaikumus salam, 'yata. Takardar ce ke da gaskiya, kuma inda kika kauce wuri ɗaya ne tak: lokacin da kika dubi 5.4, kika dubi 17.75, kika yanke hukunci da ido. Duk abin da ya biyo bayan wannan kin yi shi daidai, domin 66.7 ba ta fitowa sai a hannun wanda ya iya nemo mol, ya iya nemo nauyin AlCl₃, ya kuma iya raba abin da aka samu da abin da ake sa ran samu. Saboda haka kada ki ce kemistiri ya gagare ki. Na daɗe ina koyar da wannan darasi a nan Kumasi, kuma kowace shekara sai na ga yara masu ƙwazo sun faɗa cikin wannan ramin. Abin yana min ciwo, domin da an zauna da su na rabin awa da ba su sake faɗawa ba.

Kafin mu taɓa kalkuleta, ki leƙa shagon wani tela a unguwarku lokacin da ake shirin komawa makaranta. A ce kowace riga tana cin yadi 2 da maɓalli 5. A kan tebur akwai yadi 20, a cikin gwangwani kuma akwai maɓalli 40. Wanda bai san ɗinki ba zai ce yadi ne zai fara ƙarewa, tunda 20 bai kai 40 ba. Tela kuwa ba haka yake lissafi ba. Shi tambayarsa ita ce: kowanne riga nawa zai iya fitar min? Yadi 20 a raba da 2, riga 10. Maɓalli 40 a raba da 5, riga 8. To riga 8 zai ɗinka ya tsaya, ga yadi 4 nan a ninke a gefe ba abin da za su yi masa, sai ya aiki yaro Kejetiya ya sayo maɓalli. Maɓallin da ya fi yawa shi ne ya tsayar da aikin, saboda kowace riga ta fi cinsa. Wannan shi ne abin da ake kira limitin riyejent a takardar jarrabawa: sinadarin da ke riga ƙarewa, wanda da zarar ya ƙare aiki ya tsaya, ko da ɗayan ya cika ɗaki.

A kemistiri akwai ƙarin wahala ɗaya a kan ta tela. Shi tela yana ƙirga maɓallinsa ɗaya bayan ɗaya, mu kuwa ba a ba mu ƙirga, nauyi ake ba mu. Amma su atam ba da nauyi suke haɗuwa ba, da ƙidaya suke haɗuwa, biyu na wannan da uku na wancan. Kuma nauyinsu ba ɗaya ba ne. Atam ɗin aluminiyam 27 ne a ma'auni, ƙwayar iskar kulorin kuwa, wadda atam biyu ne a manne, 71 ce. Kin ga ke nan giram ɗaya na aluminiyam yana ɗauke da ƙwayoyi fiye da ninki biyu da rabi na abin da giram ɗaya na kulorin yake ɗauke da su. Kwatanta giram da giram kamar a ce an auna miki kilo ɗaya na gero da kilo ɗaya na gyaɗa a ce ƙwayoyinsu daidai suke. Aikin mol ke nan: shi ne ke mai da nauyi ya koma ƙidaya. Mol ɗaya na kowane abu ƙwayoyi 6.02 × 10²³ ne, ko na mene ne.

To bari mu bi aikin naki daga tushe. Abu na farko, a rubuta ikweshan a daidaita shi, domin shi ne ke gaya mana riga nawa, yadi nawa, maɓalli nawa:

2Al + 3Cl₂ → 2AlCl₃

Ki ƙirga ki gani: aluminiyam 2 a hagu, 2 a dama, kulorin 6 a hagu, 6 a dama. Ma'anarsa kowane mol 2 na aluminiyam yana buƙatar mol 3 na iskar kulorin, su ba da mol 2 na AlCl₃. Tun daga nan ya kamata kunnenki ya tashi, domin kulorin ne ake ci da yawa, shi ne maɓalli a wannan shago.

Sai a mai da kowane nauyi mol, ta hanyar raba shi da nauyin mol ɗinsa:

n(Al) = 5.4 ÷ 27 = 0.20 mol

n(Cl₂) = 17.75 ÷ 71 = 0.25 mol

A nan ne rami na biyu yake, kuma ya fi na farko zurfi domin yana kama waɗanda suka tsallake na farkon. Ɗalibi ya san ba a kwatanta giram, ya nemo mol, ya ga 0.20 da 0.25, sai ya ce ai 0.20 ce ƙarama, aluminiyam ne zai ƙare. Wannan daidai yake da mutumin da ya dubi yadi 20 da maɓalli 40. Kwatanta mol kai tsaye yana aiki ne kawai idan ikweshan ya ce ɗaya da ɗaya. Idan lambobin da ke gaban sinadaran suka bambanta, dole a raba kowane mol da lambar da ke gabansa, kamar yadda tela ya yi:

Al: 0.20 ÷ 2 = 0.100

Cl₂: 0.25 ÷ 3 = 0.083

Wanda ya ba da ƙaramar amsa shi ne mai riga ƙarewa. Ga shi nan, kulorin ne, duk da cewa ya fi aluminiyam nauyi fiye da sau uku, kuma ya fi shi yawan mol. Wanda ya tsara wannan tambaya da gangan ya zaɓi waɗannan lambobi, domin ya rarrabe mai fahimta da mai hasashe.

Ina so ki san abin da wannan rabawa take nufi, kada ta zama hadda. Ki ɗauki ikweshan ɗin nan a matsayin zubi ɗaya: a zuba mol 2 da mol 3, a kwashe mol 2. Aluminiyam ɗin da ke hannunki ya isa a yi 0.100 na zubi ɗaya, kulorin kuwa 0.083 kawai ya isa. Ba za a wuce inda ƙaramin ya tsaya ba. Idan wannan bai zauna miki ba, ki yi wa kanki tambayar ta wata fuska: in ana so a cinye aluminiyam mol 0.20 gaba ɗaya, kulorin nawa ake buƙata? Amsa ita ce 0.20 × 3/2, wato mol 0.30. Nawa muke da shi? Mol 0.25. Bai isa ba, ya gaza da 0.05. Duk hanyar da kika bi wuri ɗaya za ki fito, sai dai a jarrabawa na fi son wannan ta biyun, saboda tana ba ki jumlar da za ki rubuta wa mai duba takarda: ana buƙatar mol 0.30 na kulorin, mol 0.25 ne kawai ake da shi, don haka kulorin ne mai riga ƙarewa. Ki riƙa rubuta dalilin haka a fili. Ana ba da maki a kan matakai, kuma sunan sinadari tsirara ba dalili yana iya zama sa'a ce kawai.

Daga wannan gaɓa, ki manta da 5.4. Aluminiyam ya gama aikinsa a lissafin abin da za a samu, kulorin kaɗai ke magana. Mol 3 na kulorin suna ba da mol 2 na AlCl₃, saboda haka:

n(AlCl₃) = 0.25 × 2/3 = 0.1667 mol

Nauyin mol na AlCl₃ = 27 + (3 × 35.5) = 133.5

Nauyi = 0.1667 × 133.5 = 22.25 g

Giram 22.25 ɗin nan shi ne iyakar abin da zai yiwu a samu a lissafi, idan kowace ƙwayar kulorin ta sami abokin haɗuwa kuma ba a zubar da ko ƙura ba. Abin da aka samu a zahiri kuwa, wanda aka ɗora a kan sikeli aka karanta, shi ne 17.8. Wannan ba a lissafa shi, ba ki shi ake yi, domin daga ɗakin gwaji yake fitowa. Sai a raba na zahiri da na lissafi, a ninka da ɗari:

(17.8 ÷ 22.25) × 100 = 80%

Ga amsar takardarki.

Yanzu ga abin da na fi so ki tafi da shi, domin shi ne zai riƙa kama miki kuskure a ɗakin jarrabawa inda ba bayan takarda da za a leƙa. Da kika bi ta aluminiyam, kin ce mol 0.20 zai ba da mol 0.20 na AlCl₃, kika ninka da 133.5, kika samu giram 26.7. Ki tsaya ki dubi wannan lamba. Nawa aka zuba gaba ɗaya? 5.4 da 17.75, jimla giram 23.15. Ta yaya za a zuba 23.15 a kwashe 26.7? Giram ukun da rabi na ƙari daga ina suka fito? Tun 1789 Antoine Lavoisier ya rubuta a fili cewa a haɗin sinadarai nauyi ba ya ƙaruwa kuma ba ya ɓacewa, sauya kama kawai yake yi. Mai waake da ta zuba kwano biyu na shinkafa da wake ta ga tukunya ta cika ta san ruwan da ta ƙara ne ya kumbura su. A aikinki kuwa ba ruwa, ba wani abu na uku da ya shiga. Da kin yi wannan ɗan tarawa na daƙiƙa goma, da lambar da kanta ta gaya miki an kauce.

Amsar gaskiya kuwa tana rufe lissafinta da kanta. Kulorin mol 0.25 ya cinye aluminiyam 0.25 × 2/3, wato mol 0.1667, wanda idan aka ninka da 27 ya zama giram 4.5. An zuba 5.4, an ci 4.5, saura 0.9. Ki tara abin da aka samar da abin da ya rage: 22.25 da 0.9, giram 23.15 cif, daidai da abin da aka zuba. Idan hagu da dama suka haɗu haka, to ki kwantar da hankalinki ki wuce tambaya ta gaba. Kuma sau da yawa ragowar nan ita ce sashe na uku na tambayar, a ce giram nawa na ɗayan ya rage, ga shi kin riga kin same shi a hanya. Sai dai ki lura da iyakar wannan gwaji. Yana aiki kai tsaye a nan domin abu ɗaya ne ake samarwa. Idan ikweshan yana da abu biyu a dama, kamar gishiri da ruwa, ko gishiri da iska, dole ki tara dukkansu kafin lissafin ya rufe. Kuma amsar da ba daidai ba tana iya zama ƙasa da jimlar abin da aka zuba ta ɓuya, don haka rashin wuce jimla kaɗai ba shaida ba ne. Haɗuwar ɓangarorin biyu cif ita ce shaida.

Wani abin da na lura da shi a ajina shi ne, wannan 66.7 ɗin taki tana da ƙofofi da yawa. Kin shigo ta ƙofar giram. Wani ya shigo ta ƙofar kwatanta mol ba rabawa, ko don bai daidaita ikweshan ba. Wani kuma, kuma su ne suka fi ba ni tausayi, ya yi komai daidai amma ya raba 17.75 da 35.5 maimakon 71, saboda ita ce lambar da ya gani a ƙarshen tambaya. Sai ya samu mol 0.5, ya raba da 3, ya samu 0.167, ya ga ta fi 0.100, ya ce aluminiyam ne. Shi ma 26.7, shi ma 66.7. Lambar da ake ba ki a ƙarshen tambaya ta atam ɗaya ce. Iskar kulorin Cl₂ ce, kamar yadda iskar oksijin take O₂, haidurojin H₂, naitirojin N₂. Abin da aka rubuta a ikweshan shi za ki nemo wa nauyin mol. Amma lambar da ke gaba, wato 3 ɗin nan, ba ta shiga nauyin mol. Kada ki raba da 213. Ita wurinta a mataki na gaba ne.

Sai ɗan abu ƙarami mai cin maki: yanke lamba da wuri. Idan kika mai da 0.1667 ta koma 0.17, nauyin zai zama 22.7, amsar kuma ta sauko kusan 78.4%. Ba ki yi kuskuren kemistiri ba, amma amsar ta kauce. Ki bar lambar a cikin kalkuleta har ƙarshe, sannan ki yanke.

Mai yiwuwa ki tambaya, to kashi 20 ɗin da ba a samu ba ina suka tafi, tunda na ce nauyi ba ya ɓacewa? Tambayar tana da kyau, kuma ana yin ta a jarrabawa. Ba su ɓace ba, hannu ne bai kai gare su ba. Yadda ake yin wannan haɗi shi ne a sa aluminiyam a cikin bututun gilashi, a ɗumama shi, a riƙa tura busasshiyar iskar kulorin ta kansa. Giram 17.75 na kulorin a takarda kamar ba komai ba ne, amma mol 0.25 ne, wato 5.6 dm³ a ma'aunin s.t.p., kusan cikin galan ƙarami. Iskar da ke wucewa ta cikin bututu ba duka take tsayawa ta haɗu da ƙarfen ba, wata takan fice ta ɗaya bakin. Wannan asara ta farko ke nan, kuma tana da nauyi a nan tunda kulorin ne mai iyakance aikin. Na biyu, shi AlCl₃ ba ya narkewa ya zama ruwa a irin wannan yanayi, da ya kai wajen digiri 180 sai ya tashi ya zama tururi, ya je ya daskare a inda ya sami sanyi. Wani a kwalbar da aka tanada, wani a jikin bututu inda cokali ba ya kaiwa. Na uku, ba ya shiri da laima ko kaɗan. Da ya haɗu da damshin iska sai ya fara hayaƙi, yana sakin HCl, yana lalacewa, kuma kin san yadda iskar Kumasi take da damina, gishirin girki ma sai ya jiƙe a cikin kwano. Shi ya sa ake toshe bakin kwalbar da bututu mai ɗauke da CaCl₂ don ya tsotse laimar. Wannan ba gwajin da za a yi a gida ba ne, kulorin guba ce, sai a ɗakin gwaji mai na'urar zuƙe hayaƙi.

Idan aka ce ki kawo dalilan raguwar abin da aka samu, irin waɗannan ake so, masu kama da aikin da ke gabanki. Rubuta "kuskuren mutum" kawai ba ya nuna kin san komai. Akwai kuma haɗin da ko an yi taka-tsantsan iya iyawa ba zai kai ƙarshe ba, domin yana tafiya yana dawowa, kamar haɗa naitirojin da haidurojin a samar da amoniya a tsarin Haber, inda a kowane zagaye kaso kaɗan ne ke haɗuwa, sai a sake mai da ragowar ciki. Wannan babi ne na daban, na ambata ne don kada ki ɗauka duk raguwa zubewa ce.

Bari in ba ki aiki na biyu, wanda muke yi da hannu a ɗakin gwajinmu, domin a cikinsa ana ganin ragowar da ido, kuma yana koyar da abin da amsar da ta wuce ɗari take nufi. Ana ɗumama ruwan asid ɗin salfa mai ɗauke da giram 4.9 na H₂SO₄, a zuba masa giram 6.0 na CuO, wani baƙin gari kamar kwalli:

CuO + H₂SO₄ → CuSO₄ + H₂O

Idan tambaya ta ba da Cu = 64, S = 32, O = 16, H = 1, to CuO 80 ne, H₂SO₄ kuma 98. Mol ɗin CuO shi ne 6.0 ÷ 80 = 0.075, na asid kuma 4.9 ÷ 98 = 0.050. A nan ɗaya da ɗaya ne, saboda haka kwatanta mol kai tsaye ya halatta: asid ne mai riga ƙarewa. Za a ci CuO mol 0.050, wato giram 4.0, a bar 2.0. Kuma haka yara suke gani. Da farko duk cokalin da aka zuba aka motsa sai ya ɓace, ruwan ya riƙa komawa shuɗi. Can sai a kai wani wuri da baƙin garin ya ƙi narkewa, ya kwanta a gindin kofin gilashin komai motsi. Asid ya ƙare ke nan. Da gangan ake zuba garin ya yi yawa, domin shi ana iya tace shi a cire, ya tsaya baƙi ƙirin a kan takardar tacewa, amma da asid ne ya rage da ya bi ruwan ya ɓata gishirin. Kin ga ashe wanda zai riga ƙarewa zaɓa ake yi, kuma a masana'antu ma haka ne, mai tsada ko mai wuyar cirewa shi ake so ya ƙare tas.

Bayan an tace, an rage ruwan a wuta, an ajiye ya huce, sai shuɗayen duwatsu su fito. Wata shekara wata ƙungiya ta yara huɗu suka auna nasu suka samu giram 9.0. Suka yi lissafi: mol 0.050 a ninka da 160, nauyin mol na CuSO₄, giram 8.0. Suka raba 9.0 da 8.0 suka samu 112.5%, suka kawo min suna murna, wai sun fi kowa. Na ce su ɗauko ɗaya daga duwatsun su sa a bututun gwaji su ɗora a wuta. Ba a jima ba sai ga ɗigon ruwa yana taruwa a saman gilashin, shuɗin dutsen nan kuma ya koma fari kamar toka. Sai yarinya ɗaya daga cikinsu ta ce, "Malam, ashe ruwa ne a ciki." Haka ne. Shuɗin dutsen CuSO₄·5H₂O ne, kowane mol yana riƙe da mol 5 na ruwa a jikinsa, nauyin mol ɗinsa kuma 160 da 90, wato 250. Abin da lissafi ya yarda a samu ke nan 0.050 × 250 = 12.5 g, kuma nasu ya zama (9.0 ÷ 12.5) × 100 = 72%. Ragowar tana narke cikin ruwan da suka tsiyaye, domin ba duka gishirin ke fita ya daskare ba, kaɗan kuma ya maƙale a takardar tacewa.

Saboda haka duk ranar da amsarki ta haura ɗari, kada ki rubuta ta ki wuce. A takardar jarrabawa dalilin yawanci ɗayan waɗannan ne: kin juya rabawar kin sa na lissafi a sama, ko kin ɗauki nauyin mol na abin da ba shi aka auna ba kamar yaran nan, ko lambobin ikweshan ba su daidaita ba. A ɗakin gwaji kuwa yawanci abin bai bushe ba ne, ko ragowar ɗaya sinadarin ta cakuɗa da shi, ko an manta an cire nauyin takarda. Ki lura kuma da wannan: zaɓen sinadarin da ba shi ne mai ƙarewa ba kullum yana kumbura abin da ake sa ran samu, don haka yana rage kason ne, ba ya ƙara shi. Shi ya sa taki ta fito 66.7, ƙasa da 80, lamba mai kama da gaskiya wadda ba ta tayar da hankalin kowa.

Wani lokaci sukan juyo da tambayar ta baya. A ce ana son a samu giram 35.6 na AlCl₃ a hannu, kuma an san aikin kashi 80 yake bayarwa, kulorin nawa za a tanada? Yara da yawa sukan ɗauki kashi 80 na 35.6, su ƙara ragewa. Ki yi tunanin tela: in ya san cikin kowace riga goma biyu za su lalace, kuma ana son takwas, ai goma zai yanka. Abin da za a nufa dole ya fi abin da ake so. Don haka 35.6 × 100/80 = 44.5 g, a raba da 133.5 a samu mol 0.3333, a ninka da 3/2 a samu mol 0.50 na kulorin, wato giram 35.5. Ki duba ki gani, ninki biyu ne na aikinki na farko, ciki da waje.

Ga wanda za ki gwada da kanki yau da dare. Ki bar kulorin a giram 17.75, ki rage aluminiyam ya koma giram 4.05, a ce kuma an samu giram 16.02 na AlCl₃. Idan kin bi hanya, za ki ga wannan karon aluminiyam ne ya riga ƙarewa, kason zai sake fitowa 80, kuma kulorin giram 1.775 zai rage. Ki tara abin da lissafi ya samar da wannan ragowar, ki ga ko sun kai 21.8. Idan ba su kai ba, ki turo min matakan yadda kika rubuta su, layi bayan layi, mu duba tare. Allah ya ba da sa'a, 'yata, ki gaida mutanen gida.